Daga Sha Biyu Zuwa Sha Huɗu

A danginmu ni ce mai karanta takarda. Ba wani ilimi gare ni na a zo a gani ba. Na gama kwaleji, na taɓa lise, wato babbar sakandare, shekara ɗaya kafin a yi mini aure, kuma ni kaɗai ce cikin 'ya'yan Inna nake zaune a Filinge, kusa da asibiti. Duk takardar da aka rubuta da Faransanci, ta makaranta ce ko ta likita, hannuna take biyowa. Yayanmu, babban ɗan Inna, shi ma yana karatu, don ya yi shekaru a soja kafin ya koma ƙauye ya kama noma, amma ya ce takardar asibiti ta mata ce. Ina jin daɗin wannan matsayi, ba zan ɓoye ba. Idan aka miƙo mini takarda aka yi shiru ana jira, nakan ji kamar ban bar makaranta a banza ba.

Inna ta daɗe da ciwon sukari. Hawan jini kuwa daga baya ya shigo, ko kuma daga baya muka san da shi. Shekarar da nake ba da labari, bayan an gama kai gero rumbu, ta zo wurina ta yi mako uku. Ni na lura da kumfar. Da safe idan na je zubar mata da gwangwanin fitsari sai in tarar da kumfa a kai, fara, mai kauri, wadda ba ta kwanciya ko an jima. Na yi mata magana ta ce in bar leƙen abin da ba a aike ni ba. Da ƙyar na ja ta asibiti.

Likitan da muka samu ba yaro ba ne, ba kuma tsoho ba, mutumin gabas ne daga jin Hausarsa. Ya auna hannunta sau biyu, ya sa aka gwada fitsari da jini. Da muka dawo da takardu ya ce sukari da hawan jini sun fara taɓa ƙoda, kumfar nan abincin jiki ne da bai kamata ya fita ba yake tsiyaya cikin fitsari. Ya rubuta wata 'yar ƙwaya, ɗaya kowace safiya. Ya ce wannan tana sauke jini, tana kuma kare ƙoda. Sannan ya ce bayan mako biyu a sake ɗibar jini, a kawo masa takardar shi da kansa ya gani. Layi ya yi tsawo a waje, wata mata tana ta leƙowa da yaro a kafaɗa, bai ƙara komai ba. Ni ma ban tambaya ba. Na ji “a sake ɗibar jini”, amma “ni da kaina” ta bi ta bayan kunnena ta wuce.

Mako biyun nan Inna ta ji daɗin jikinta. Ciwon ƙeya da take tashi da shi ya bar ta. Har ta karɓe mini surfe wata rana, ta ce hannun 'yan lakkol, mu 'yan boko ke nan, ba ya fitar da dusa. Da lokaci ya yi muka je aka ɗebi jini ranar Laraba, washegari Yaya ya aiko a ɗauke ta, don akwai suna a ƙauye kuma ita ce za ta yi wa jaririn wanka. Ta tafi da ƙwayoyinta ƙulle a bakin zane. Ni kuma da la'asar na je labo, ɗakin awon jini, na karɓo takarda.

Ina tsaye a barandar na buɗe. Layi ɗaya ne aka yi wa tauraro da jan biro: kiriyatinin, sha huɗu. A gefe an rubuta iyakar lafiya, sha biyu. Na zaro tsohuwar takarda daga jaka, ta mako biyu da suka wuce, na ga sha biyu cif. Na tambayi mai ba da takardun mene ne wannan, ya ce awon ƙoda ne, idan ya hau ƙoda ce ba ta tacewa yadda ya kamata, amma in jira likita. Na je ƙofar likita na tarar da kwaɗo. Aka ce ya fita zagayen ƙananan asibitocin karkara, sai Litinin.

Abin da na yi daga nan shi ne abin da nake ta juyawa a raina har yau. Ban koma gida ba tukuna, ban yi alwala ba, ban gaya wa maigidana ba. A nan inda nake tsaye na danna waya na aika murya cikin zauren danginmu na waya, inda muke mu kusan arba'in, har da na Yamai da na bakin teku. Na ce na karɓo takardar Inna, awon ƙodarta ya hau tun da ta fara sabon magani, da yana daidai yanzu ya wuce iyaka, a taya mu da addu'a. Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Maganar ba ta kai minti guda ba.

Kafin magariba Yaya ya karɓe ƙwayoyin daga bakin zanen Inna. Ranar Juma'a bayan an sauko ya tsaya a ƙofar masallaci ya shaida wa dattawa cewa maganin asibiti ya taɓa ƙodar tsohuwa, Allah ya sa ƙanwarsa ta gano da wuri. A wajenmu idan aka ce wane ba shi da lafiya, ba a jira a ga ya kwanta. Dubiya hakki ce, wanda bai zo ba kuma ana riƙe masa. Ranar Asabar da na isa ƙauye na tarar da takalma a ƙofar ɗakin Inna kamar gidan biki. Mata daga unguwa uku, wasu daga tungayen da ke bayan dutse, wata ƙanwar mahaifinmu ta taso tun daga wajen Bonkuku a bayan babur. An kawo fura, an kawo nono, an kawo zabi biyu a ɗaure. An shimfiɗa wa Inna katifa a tsakar ɗaki an hana ta fita, wankan jaririn ma wata aka ba.

Da ɗakin ya ɗan yi sauƙi ta jawo ni kusa da ita, ta ce a hankali, “Ke, mi kinka gani ga takardar nan? Ni dai lahiyata lau. Amma tun da anka kawo zabi, bari in kwanta har a cinye su.”

Na yi dariya, ina kuma jin wani abu kamar alfahari. Kowace mace ta shigo sai ta dafa kaina ta ce boko ya yi rana.

Litinin da sassafe na koma asibiti ni kaɗai da takardun biyu. Likita ya jera su a kan tebur, ya duba, ya sa yatsa a wani layi can ƙasa wanda ni ban ko kalla ba, ya ce madalla. Ya ce a ci gaba da maganin yadda yake. Na zaci bai ga tauraron ba, na nuna masa. Ya ce ya gani. Na ce ai mun tsayar tun ranar Alhamis.

Ya cire tabarau ya ajiye. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni ko ina tace ƙullun koko. Na ce kullum. Ya ce to in ɗauka ƙoda tarin 'yan matatai ce ƙanana, masu yawan gaske, kowace da ƙyallenta. Jini yana shiga kowace ta wata 'yar jijiya, ya fita ta wata. Dattin jiki yana bi ta ƙyallen ya tafi fitsari, abin amfani ya tsaya cikin jini. A jikin mai sukari da hawan jini, jinin yana dannar ƙyallen da ƙarfin da ya wuce kima, kamar mai gaggawa da ta kama ƙyalle tana murɗawa. Ruwa yana fita da sauri, wanda ya gani zai ce aiki na kyau. Amma ƙyallen yana buɗewa, abin da ya kamata ya tsaya yana wucewa, shi ne kumfar da na gani, kuma wata rana ƙyallen zai mutu, ba a kuwa saka sabo.

Ya ce abin da ƙwayar take yi shi ne ta sassauta jijiyar fita, jinin ya samu hanya, dannar ta ragu. Idan aka sassauta murɗa dole tacewa ta ɗan yi sanyi. Shi kiriyatinin datti ne da naman jiki yake fitarwa kullum, ƙoda tana kwashewa, don haka idan tacewa ta ɗan ragu sai ya ɗan taru a jini. Wannan ƙaramin hawa da ya zo a makonnin farko ba rauni ba ne aka yi wa ƙoda, alama ce an sauke mata kaya. Yakan hau kaɗan ya tsaya wuri ɗaya. Abin da ake saya da shi kuwa shekaru ne, don ƙyallen da ba a murɗawa ya fi daɗewa.

Na ce to ina amfanin awon, in hawan ba komai ba ne? Ya ce ba kowane hawa ne ba komai ba. Suna da iyaka: muddin bai wuce kashi talatin cikin ɗari na inda aka fara ba, kuma ya tsaya bai ci gaba da hawa ba, ana barin magani. Ya ja biro ya yi lissafi a gefen takardar, ya ce ga wadda ta fara da sha biyu, sai ta haura sha biyar da rabi zai fara tunanin ragewa ko tsayarwa, ya nemi dalili, don akwai masu ƙuntatacciyar jijiyar ƙoda da wannan magani ba ya karɓarsu. Layin da ya sa wa yatsa kuma wani gishiri ne na cikin jini, potasiyom, wanda ƙwayar kan iya tarawa har ya dami zuciya, shi ya fi tsoro, kuma na Inna yana daidai. Ya ce da ma za a sake awo bayan wasu makonni a tabbatar lambar ta zauna. Lokacin da ake ajiye ƙwayar na 'yan kwanaki shi ne idan mutum yana zawo ko amai, ko ya kasa shan ruwa, don jikin da ya bushe ba ya jure ta. Kuma a raba Inna da ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan tebur, waɗannan su ne suke haɗuwa da ita su yi ɓarna. Iyakar da aka buga a gefen takarda kuwa, ya ce, ta kowa da kowa ce, injin bai san wa ke shan me ba.

“Madam,” ya ce, “na ce a kawo mini in gani. Ba don na raina karatunki ba ne.”

Ban san yadda na fito ba. A bakin ƙofar asibiti na tsaya na sake aika murya, wannan karon ta minti huɗu, na yi bayanin ƙyalle da murɗa da kashi talatin. Ta farko kowa ya saurara, har an tura wa waɗanda ba sa cikin zauren. Ta biyu mutum shida suka buɗe. Wani ɗan baffanmu da ke Yamai ya amsa da cewa ai likita ba zai zagi abin da ya rubuta da hannunsa ba.

Maigidana ya ba ni shawara in roƙi Yaya ya zo ya ji da kunnensa, tun da namiji ya fi jin maganar namiji. Ya zo, ranar kasuwa, da Inna a bayan mota. Ya sa babbar riga, ya zauna a gaban likita ƙafa a haɗe kamar mai jiran umarni, ya saurari bayanin duka cikin Faransanci bai katse ba. Na fara sa rai. Da likita ya gama, Yaya ya ce tambaya ɗaya gare shi. Kafin magani nawa ne? Sha biyu. Bayan magani? Sha huɗu. Wanne ya fi kyau ga mai lafiya? Likita ya ce ga wanda ba ya shan komai, sha biyu, amma. Yaya ya ɗaga hannu ya ce ya gode, ya fahimta.

Likita ya juya wajen Inna. Ya ce jikin nata ne, ita zai tambaya. Ya sake yi mata bayanin da Hausa, ta saurara tana gyaɗa kai, har ta gyara masa, ta ce ba a murɗa ƙyallen koko sai ragguwar mace, jijjiga shi ake yi. Ya yi dariya ya ce to ita ta fi shi sani. Sai ya ce, za ta sha?

Inna ta dubi Yaya. Shi yana duban bango.

“Abin da babbansu ya ce,” in ji ta.

Likita ya rubuta wata ƙwaya dabam. Ya ce wannan za ta sauke jinin, kuma sauke jini ma taimako ne ga ƙoda, kada a yi wasa da ita. Amma ba ta sassauta wancan dannar ta cikin matata kamar ta farko, ba ta kuma tsayar da kumfa kamarta. Ya ce ƙofarsa a buɗe take ranar da muka sake shawara.

Bayan wata guda aka sake awo. Sha biyu. Likita ya riga ya gaya mini haka za a yi, ya ce idan aka koma murɗa ƙyalle ai ruwa zai koma gudu, lambar za ta yi kyau a ido alhali ɓarnar tana ci gaba a ƙasa. Amma wa zan gaya wa? Ni na karanta takardar a waya, don ba ni da yadda zan yi, ni ce mai karatu. Yaya ya aika murya yana hamdala, ya ce ga shi an tsayar da guba ƙoda ta dawo. Aka yi sadakar waina a ƙofar gida. 'Yan Yamai suka yi ta turo hannuwan addu'a.

Sau ɗaya na sake gwadawa da gaske. Shekara ta zagayo, na haihu, Inna ta zo zaman jego. Kumfar tana nan, har ta fi da. Wata rana da hantsi muna zaune a inuwar ɗaki tana gasa wa jaririya cibi, na ce mata mu je wurin likita ba tare da kowa ya sani ba, a mayar da ita kan ƙwayar farko, a yi awon a nan, kwana arba'in ya isa a ga yadda za ta zauna. Na ce ni zan riƙa aika mata a ɓoye cikin kayan miya.

Ba ta ɗago ba. Ta ce ta gane zancen ƙyallen tun ranar, ba ta tsufa da wauta ba. Ta ce ita ma ta ji a jikinta makonnin da take shan ta farko.

“To Inna, don mi?”

“Yayanki ya tsaya ƙofar masallaci ya hwaɗi, ɗiyata. Mutane sunka zo da zabinsu. In na koma ina sha, ranar da anka gane, da wane ido za shi duba su? Uba ba shi da shi. Ni ɗai ta rage mai rufa mishi.”

Na ce to ai ni na jawo, ni zan je in tsaya gaban matan in ce kuskure na yi. Ta ce in na yi haka na tona shi ke nan, don shi ya ji bayanin likita da kunnensa ya ƙi. Ta ce in bar shi, kwanan kowa a rubuce yake. Ta miƙo mini jaririyar ta ce in ba ta nono, ta tashi ta shiga wanka.

Na san kwana a rubuce yake. Na yi imani da wannan kamar yadda na yi imani da fitowar rana. Amma wanda ya rubuta kwanan shi ya saukar da magani, shi ya ce a nema. Na faɗa wa kaina wannan sau da yawa a kan sallaya, ban taɓa iya faɗa wa Yaya ba. A gidanmu ƙanwa ba ta maimaita wa wa magana sau uku. Na yi biyu.

Abin bai zo da gudu ba. Shekara ta biyu lambar ta kai sha tara, ba wanda ya aika murya. Na nuna wa Yaya, ya ce tsufa ne, da kuma tabon da waccan ƙwaya ta bari. Likitan da ya san mu aka yi masa canji zuwa wani gari. Wanda ya zo bayansa ya duba takardu ya tambaya me ya sa ba ta kan maganin kare ƙoda, ya ce har yanzu bai ɓaci ba a gwada, da awo a kai a kai. Inna ta ce a bar ta da wadda ta saba. Shekara ta huɗu ƙafafunta suka fara cika, takalmin da na saya mata na salla bai shiga ba. Ta daina son nama. Ta ce bakinta ƙarfe-ƙarfe yake yi. Fatarta ta yi ta ƙaiƙayi, nakan zauna in shafa mata man shanu a baya tana lumshe ido, tana ba ni labarin matan ƙauye ɗaya bayan ɗaya, wa ta yi kiba, wa ta rame. Takardar ƙarshe da na karanta mata, lambar ta wuce saba'in. Ban faɗa da ƙarfi ba. Ta ce, “Ta hau ko?” Na ce ta hau. Ta ce to wannan karon kada in gaya wa waya.

Muka kai ta Yamai. Na tuna mun tsaya a Baleyara ranar kasuwa, hanya ta cushe da shanu, tana jingine a kafaɗata tana numfashi da ƙyar, amma sai da ta ce in duba mata ko akwai tabarmi masu kyau. A babban asibiti suka ce ƙoda ta gama, sai wankin jini da inji, sau biyu ko uku a mako, har iyakar rai, kuma sai ta zauna a birni. Yaya ya yi ta shiga yana fita, ya sayar da bijiminsa, ya kwana a baranda a kan kwali. Ba zan ce bai so ta ba. Ya fi ni kuka. An yi mata wankin sau biyar, ta ce ya isa, a mayar da ita ɗakinta.

Kafin mu taso na samu likitar ƙoda ita kaɗai, wata mace mai sanyin magana. Na fito da takardun nan biyu na farko, don ban taɓa rabuwa da su ba, na tambaye ta ta gaya mini tsakaninta da Allah, da an ci gaba da ƙwayar, da Inna ta tsira? Ta duba su ta daɗe. Ta ce ba wanda zai iya rantse mini a kan haka, akwai masu sha kuma ƙodar ta ƙare duk da haka. Amma ga mai sukari da kumfa irin ta Inna, maganin yakan jinkirta wannan rana, sau da yawa da shekaru. Ta ce sha biyu zuwa sha huɗu, da ita ce, da ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ga fuskata sai ta ce in yi haƙuri, ba ni na tsayar ba. Ban gaya mata wa ya fara magana ba.

Inna ta rasu a ɗakinta da damina, gero yana fitar da kai, ranar Talata bayan azahar. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya haskaka makwancinta.

Zaman makoki a tsakar gida muka yi, ƙarƙashin rumfar kara, ƙasa a jiƙe. Matan da suka zo dubiyar farko su ne suka dawo, sai waɗanda suka riga ta. Kowace ta durƙusa ta yi gaisuwa, sannan zancen ya koma inda na san zai koma. Ai tun waccan ƙwaya ba ta sake daidai ba. Ai mako biyu kawai ta sha, dubi abin da ya yi. Da ta yi wata tana sha fa? Ƙanwar mahaifinmu ta kama hannuna biyu ta ce Allah ya yi mini albarka, ni na ƙara wa uwata shekara biyar, da ban karanta takardar nan ba da tuni an manta da kabarinta. Yaya yana daga bakin zaure, yana ji. Muka haɗa ido. Shi ya fara kawar da nasa.

Na ce amin. Gidan makoki ne, ba wurin gardama ba.

Ranar uku, ana watsewa, wata maƙwabciyar Inna ta biyo ni bayan ɗaki inda nake wanke ƙore. Ba tsohuwa ba ce sosai, tana da 'ya'ya ƙanana. Ta kwance bakin mayafi ta fito da kwalin magani da takardar labo a ninke. Ta ce na mijinta ne, sukari gare shi, an ba shi wannan a Filinge wata uku da suka wuce, aka yi awo aka ce lamba ta ɗan motsa amma ya ci gaba da sha. Ita dai hankalinta bai kwanta ba. In duba mata, ba irin ta Inna ba ce?

Irin ta ce. Na goge hannuna, na zaunar da ita a kan turmi, na yi mata bayani tun daga farko, a hankali, yadda aka yi mini. Na ce ta bar shi ya sha, ta mayar da shi awo ranar da aka ce, ta kai wa likita takardar a hannunsa. Na ce mata ƙwayar ba ita ta kashe Inna ba, ni na yi gaggawar magana, kuma da za a mayar da ni barandar nan da na haɗiye harshena har Litinin. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka a ƙauyenmu.

Ta saurare ni har na gama. Ta ninke takardar ta mayar bakin mayafi ta ƙulle. Ta dafa gwiwata, ta ce in daina ɗora wa kaina, baƙin ciki ne yake sa ni faɗin haka, kowa ya san abin da na yi wa uwata. Kwalin kuwa ba ta mayar ba. Ta bar shi nan kan turmi, ta ce in jefa mata shi a masai idan na tashi.